Farantin Walimar Faskari: Yadda Muka Ƙirga Abin da Kawu Ya Ci

Idan akwai mai ciwon sukari a gidanku, to ka san amsar da ake samu duk lokacin da ya dawo daga biki aka tambaye shi abin da ya ci. Amsar ba ta wuce, "Ɗan abu kaɗan na taɓa." Ita ce kawuna ya ba ni da safiyar wata Lahadi a Ƙanƙara, yana zaune a kan tabarma, na'urar gwajin sukari na gefensa tana nuna 198, alhali bai sa komai a bakinsa ba tun da gari ya waye. Mutumin da ya saba tashi da 120 ko 125 ne. A ma'aunin `mg/dL` da na'urarsa ke amfani da shi, likitoci sukan so yawancin manya masu wannan ciwo su wayi gari tsakanin 80 da 130. Hajiya, matarsa, ita ta aiko a kira ni, domin aikina ba da shawara kan abincin marasa lafiya ne, kuma ta san ni kaɗai zan yi masa tambayoyi bai ce an raina shi ba.

Ranar Asabar ya je walimar ɗaurin auren ɗan amininsa a Faskari. Daga Sabuwa aka ɗauko amarya, lokacin kuma kaka ce, masara ta shigo gida, hannun mutane a sake. Abincin ya riga ya shiga ciki, an wanke farantin, ba wanda ya ɗauki hotonsa. Abin da ya rage mana shi ne abin da Kawu ke iya tunawa. Zan ba ka labarin yadda muka sake gina farantin nan daga ƙwaƙwalwarsa, domin ranar da irin wannan ta same ka, ba za ka samu wata shaida da ta wuce wannan ba.

Masu binciken abinci sun daɗe da sanin cewa tambaya ɗaya ba ta fito da abin da mutum ya ci jiya. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta tsara wata hanya mai zagaye biyar da ake bi a manyan binciken ƙasarsu: a bar mutum ya lissafo abin da ya tuna ba tare da an katse shi ba, a tuna masa nau'o'in da aka fi mantawa, a tambayi lokaci da wurin kowane ci, a koma kan kowane abinci a nemi yawansa da yadda aka dafa shi, sannan a yi tambayar ƙarshe ko akwai saura. Ba dabara ce ta kama maƙaryaci ba. Kawu bai yi mini ƙarya ba. Ƙwaƙwalwa tana riƙe abin da aka zauna aka ci da sunan abinci, tana zubar da abin da aka sha, da wanda aka ci a tsaye, da wanda aka miƙo ana cikin hira.

Na ce, "Kawu, faɗa mini abin da aka kawo muku." Ya ce shinkafa dafa-duka da cinyar kaza, shi ke nan. Na rubuta, ban yi musu ba, ban kuma nuna mamaki a fuska ba. Wannan wurin yana da muhimmanci, domin da zarar dattijo ya ga alamar za a yi masa faɗa, jerin abincin nan zai tsaya inda ya tsaya. Sai na bar maganar abinci, na koma kan yinin kansa. Ƙarfe nawa suka bar Ƙanƙara? Wa ya zauna kusa da shi? A rumfa aka zaunar da su ko a zaure? Yana ba ni labarin wanda suka zauna tare, sai ya ce ai shi ne ma ya jawo musu tiren waina da miyar taushe. Waina ta fito ke nan. Na tambayi launin abin da ke gefen shinkafar, ya ce akwai ɗan ganyen nan na kabeji mai farin miya. Na ce da me ya kora? Ya ce lemo, na roba. Zoɓon kuwa sai da na tambayi abin da aka tarbe su da shi kafin a kawo abinci sannan ya tuna da shi.

Na ƙarshe shi ya fi wuyar fitowa. Ka san yadda tafiya ta zama a yankin nan a 'yan shekarun nan: ba mai son magariba ta riske shi a hanya. Ana idar da la'asar suka miƙe, aka bi su da ƙullin kayan biki har bakin mota. Da na tambaye shi ko ya ci wani abu tsakanin Faskari da gida, ya ce a'a. Hajiya ce ta leƙo ta ce ledar da ya kawo mata alkaki uku ne a ciki, ta maƙwabciyarsu kuwa, wadda mijinta ya je tare da shi, biyar ne. Kawu ya yi dariya ya ce, "To, 'yar nan, rubuta biyu. Wajen Sheme ne, yunwa ba ta kama ni ba, bakina ne kawai."

Sunayen abinci sun cika, saura yawa, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke ɓata lissafi. Kalmomin "kaɗan" da "daidai" da "cokali biyu" ba su auna komai, domin cokalin rabon biki ba shi da girma ɗaya. Abin da na yi shi ne na karɓi shinkafar da Hajiya ta dafa ta rana, da faranti mai faɗin wanda ya kwatanta, na ce ya zuba da hannunsa har sai tudun ya yi kama da na jiya. Na ɗora a ƙaramin sikelin kicin, bayan na cire nauyin farantin: giram 250. Na juye, muka yi hira kaɗan, na ce ya sake zubawa. Wannan karon giram 300. Ban zaɓi ɗaya na yar da ɗaya ba, na riƙe duka biyun. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce gwargwadon abin da idonsa ke iya tunawa, kuma daga nan duk lissafinmu ya zama mai baki biyu, na ƙasa da na sama. Idan ba ka da sikeli, yi gwajin da kofin shayi: cikin kofi matsakaici na dafaffiyar shinkafa yana kusan giram 160 zuwa 180.

Kafin mu ci gaba, ga ƙa'idar da komai ya rataya a kanta. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba jiki kalori 4. Giram ɗaya na sinadarin gina jiki, irin na tsokar nama da wake, shi ma 4. Giram ɗaya na mai kuwa 9. Wato cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa, wanda bai wuce giram 14 ba, yana ɗauke da kalori kusan 120, dab da abin da ke cikin giram 100 na farar shinkafa dafaffiya, mai kalori kusan 130. Irin waɗannan alƙaluma suna cikin jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020. Sai dai jadawali ya san shinkafa, ya san mai, amma bai san hannun matar da ta tsaya a kan tukunyar Faskari ba. Baƙo kuma ba ya ganin mai. Yana ganin shinkafa tana sheƙi, ya ce ta yi daɗi.

Saboda haka na bar Kawu, na nemi wadda ta ga tukunyar. Hajiya ta buga wa wata 'yar'uwarta da ke cikin masu girkin, muka yi sa'a ta tuna, domin ita ta riƙe kuɗin cefane: kowane kilo 10 na shinkafa, lita 2 na man gyaɗa suka sa masa. Bi ni a hankali a nan, lissafin ba shi da wuya. Kilo 10 na ɗanyar shinkafa yana da kalori kusan 36,000, kuma idan ya sha ruwa ya nuna yakan koma wajen kilo 28. Lita 2 na mai ya kai giram 1,840, a ninka da 9, ya ba da kalori kusan 16,500. A haɗa, 52,500. A raba wa kilo 28, kowane giram 100 ya tashi da kusan kalori 190. Tumatir da albasa da attaruhu ba su ƙara wani abin kirki ba, na ƙyale su. Ke nan shinkafar Kawu tana tsakanin kalori 475 da 570. Da na ɗauke ta a matsayin farar shinkafa, da na rubuta 325 zuwa 390, na yi asarar kalori 150 zuwa 180 a abinci ɗaya tak, duk na man da ba wanda ya gani. Idan ba ka samu mai girkin ba, ƙara cokali ɗaya zuwa ɗaya da rabi na mai a kan kowane farantin dafa-dukar biki, ba za ka yi nisa da gaskiya ba.

Wainar ta zo da tata matsalar, domin daga tire ɗaya suka ci su huɗu. Wanda ya ci daga tiren taro ba ya ƙirga hannunsa, kuma a al'adarmu ma abin kunya ne a ce mutum yana ƙirga lomar wani. Hanyar da ke aiki ita ce a tambayi abin da aka kawo, da abin da ya rage, da yawan hannuwa. Ya ce tiren bai fi guda goma sha biyu ba, sun bar biyu, kuma akwai saurayi a cikinsu da ya fi kowa saurin hannu. Goma a raba wa huɗu, biyu da rabi. Na rubuta biyu zuwa uku. Waina matsakaiciya, ta ƙullun shinkafa mai ɗan sukari da aka toya a tanda da mai, na ƙiyasta ta a kalori 100, ya zama 200 zuwa 300. Miyar taushen, saboda gyaɗa da man da ke cikinta, na ba ludayinsa 100 zuwa 150.

Sauran na kan farantin ba su ɗauke mu lokaci ba. Soyayyar cinyar kaza, kuma ya tabbatar mini ya ci har fatar, 200 zuwa 280, gwargwadon girmanta. Kabeji da karas kusan ba su da lissafi, amma farin miyan nan mayonis ne, wanda cokalinsa ɗaya ke dab da kalori 100, don haka na sa 80 zuwa 120. Mutane da yawa suna cika gefen faranti da wannan haɗi suna ganin sun yi wa kansu gata.

Lemon shi ne abu ɗaya da muka sani da tabbaci, domin masana'anta ta rubuta abin da ke ciki a jikin robar. Na aiki yaro ya sayo irinsa a shago, Kawu ya ce shi ne, mai rabin lita. Takardar ta nuna sukari giram 10.6 a kowane mililita 100, wato giram 53 a robar, kalori kusan 210. Ka riƙa duba takardar da kanka, domin kamfanoni sun bambanta, kuma adadin da suke rubutawa sau da yawa na mililita 100 ne, sai ka ninka. Giram 53 cokalin shayi goma sha uku ne na sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wanda ga mai cin kalori 2,000 yake nufin kusan giram 50. Roba ɗaya ta cinye rabon yinin lafiyayyen mutum. Zoɓo kuwa ganyensa ba shi da kalorin kirki, sukarin da aka zuba ne lissafin. Kawu ya ce ya yi zaƙi sosai, a ƙaramar roba, na ƙiyasta cokalin shayi shida zuwa tara, kalori 100 zuwa 150. Alkaki alkama ce da aka soya a mai, aka tsoma a ruwan sukari ko zuma, ya haɗa abubuwa ukun a dunƙule ɗaya. Biyun nan na kan hanyar Sheme na ba su 300 zuwa 360.

Da na tara bakin ƙasa, ya ba ni 1,665. Bakin sama ya ba ni 2,140. Na ce wa Kawu tsakanin azahar da magariba ya ci abin da ya kama daga kalori 1,700 zuwa 2,100, kusan abin da mai shekarunsa da ke yini a zaune a shago yake buƙata a yini guda cur. Abin da ya faɗa mini da farko, shinkafa da kaza, bai wuce 675 zuwa 850 ba. Fiye da rabin lissafin yana cikin abubuwan da sai da aka zagaya sau uku kafin su fito.

Za ka iya cewa tazarar kalori kusan 500 ta yi yawa, lissafin bai da amfani. Ni ina ganin akasin haka. Wanda ya ce maka farantin da ba a auna ba yana da kalori 1,873 ya ƙawata zato ne da lambobi. Tambayar da ta dace ita ce, shin shawarar da za a yanke tana canzawa idan aka ɗauki bakin ƙasa maimakon na sama? A nan ba ta canzawa. Ko da 1,700 ne, cin ya yi yawa ga zama ɗaya. Kuma kuskuren irin wannan lissafi ya fi karkata gefe ɗaya, domin mutane sun fi manta abin da suka ci a kan su ƙirƙiro abin da ba su ci ba, don haka idan zan jingina, bakin sama nake jinginawa.

Amma 198 ɗin da ke kan na'ura ba kalori ta ƙirga ba, kuma a nan iyalai suke yawan ruɗewa. Kalori lissafin ƙiba ne, na makonni da watanni. Sukarin jini kuwa sitaci da sukarin da aka ci ne ke ɗaga shi cikin sa'o'i. Saboda haka na sake bin jerin da wani alƙalami. Shinkafa giram 70 zuwa 84 na sitaci, waina 36 zuwa 54, lemo 53, zoɓo 25 zuwa 37, alkaki 50 zuwa 60. Jimla, tsakanin giram 230 da 290. Kazar da Hajiya ta fi zargi, saboda an soya ta, kusan ba ta da komai a wannan lissafin, ko da yake abinci mai maiƙo yana jinkirta narkewa, ya sa sukarin ya daɗe bai sauka ba. Abin shan guda biyu kuwa, waɗanda kashi ɗaya cikin shida ne kawai na kalorin, su suka kawo kusan sulusin sitaci da sukarin, kuma a ruwa, wanda ya fi saurin shiga jini. Da ruwa ya sha a madadinsu, ya kuma kawo wa Hajiya alkakinta biyar cif, da giram 130 zuwa 150 sun fita, fiye da rabi, ba tare da ya mayar wa mai gida farantinsa ba. Na faɗi wannan ne domin na san ba a zuwa walimar amini a ƙi cin abinci, kuma shawarar da ta ce a ƙi ci ba wanda zai bi ta.

Tambayar ƙarshe ta zagaye na biyar, wadda ake yi ko da an ga kamar an gama, ita ta fito da abin da ban zata ba. Na ce, "Kawu, da ka dawo, da me ka sha maganin dare?" Ya yi shiru. Ƙwayoyin metfomin ɗinsa suna aljihun rigar da ya sauya da safe, ya dawo a gajiye, ya yi isha'i ya kwanta. Ke nan lambar nan tana da uwa biyu, farantin da kuma maganin da aka tsallake. Da na tsaya a kan kalori kaɗai, da na ɗora wa masu girkin Faskari laifin gaba ɗaya.

Abin da ya yi niyyar yi kafin in zo shi ne ya haɗa ƙwayar jiya da ta yau ya shanye, ya kuma yini bai ci komai ba don ya rama. Na hana shi duka biyun. Ba a ninka magani don an tsallake wani, ana ci gaba ne daga na lokacin da ake ciki. Ƙin cin abinci kuwa, ga wanda ke allurar insulin ko ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid, yana iya faɗar da sukari ƙasa har mutum ya fara rawar jiki da gumi, ko ya suma. Na ce ya ci abincinsa na kullum, ya sha ruwa sosai, ya taka zuwa masallaci da ƙafa, ya sake gwaji da yamma da kuma washegari. Na gaya wa Hajiya cewa idan lambar ta haura 300, ko ta ƙi sauka bayan kwana biyu, ko ta ga ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari da amai ko magagi, kada a jira ni, a wuce asibiti. Na kuma ce kada ya firgita idan ya hau sikeli ya ga ƙarin kilo guda: rarar kalori 1,000 ba ta kai ta zama giram 150 na kitse ba, sauran ruwa ne da gishiri da sitaci suka riƙe, zai tafi da kansa.

Ranar Litinin na'urar ta nuna 151, ranar Talata 128. Na rubuta masa jerin a bayan katin asibitinsa, bakin ƙasa da na sama, da maganar ƙwayar da aka manta, domin likitansa ya gani a ranar da zai koma. Ya karɓa ya duba, ya ce akwai sunan jikan wani abokinsa a Sabuwa bayan mako uku, kuma ya ji an ce matan can sun iya funkaso. Ya tambaye ni nawa zan rubuta wa guda ɗaya. Na ce ya kawo mini ɗaya a leda in ɗora a sikeli, amma ya ƙirga su tun kafin motar ta tashi.